Yadda ake saita lissafin albashi a manhajar ERPNext, da yadda ake gyara shi idan an yi kure

Masu tambaya a kan wannan aiki sun kasu gida biyu: waɗanda za su ƙaura daga Excel zuwa manhaja, da waɗanda suka riga suka biya albashin wata sannan suka gano lissafin ya karkace. Za mu yi aiki da sashen albashi na ERPNext, wato Frappe HR, a kamfani mai zaman kansa a Najeriya, bisa dokar harajin da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Manhajar kyauta ce. Abin da ke cin kuɗi shi ne wurin ajiye ta a intanet da ladan wanda zai girka maka. Ma'aikaci ɗaya za mu riƙe daga farko har ƙarshe: mai ɗaukar ₦300,000 a wata, wanda yake biyan hayar gida ₦400,000 a shekara.

1. Tattara bayanai kafin ka taɓa manhaja

Kowane ma'aikaci kana bukatar takardar ɗaukarsa aiki mai nuna yadda aka raba albashinsa, ranar da ya kama aiki, lambar asusun banki, lambar harajinsa, sunan kamfanin fanshonsa da lambar asusun fansho, wadda take farawa da PEN sai alƙaluma 12. Ka rubuta jihar da yake zaune a ciki, domin harajin albashi can yake zuwa ba inda hedikwatar kamfani take ba. Kamfanin da ke Kano yake da ma'aikaci mazaunin Zariya, harajin wannan mutum na hukumar harajin Kaduna ne.

A cikin manhajar ka fara da `Holiday List` da `Payroll Period` na 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba. A jerin asusun kamfani kuma ka buɗe asusun bashi guda uku: na albashin da za a biya, na harajin da aka cire, da na fansho.

Hattara: idan a tsakiyar shekara za ka fara, sai ka nemo jimlar abin da aka biya kowa da harajin da aka cire masa tun daga Janairu. Za ka bukace su a mataki na 5.

2. Gina ɓangarorin albashi

Nan ne yawancin kurakurai suke samo asali, don haka a tafi a hankali. Kowane layi da ke fitowa a takardar albashi `Salary Component` ne, ko na samu ko na cirewa, kuma kowanne yana da gajeren suna a gurbin `Abbr`. Da waɗannan gajerun sunaye ake rubuta lissafi, shi ya sa ba a canza su bayan an fara aiki.

A misalinmu an raba albashi huɗu: asalin albashi kashi 50 cikin ɗari, alawus ɗin gida kashi 25, na sufuri kashi 15, na abinci kashi 10. Wannan rabo ba doka ce ta tsara shi ba, takardar ɗaukar aiki ce. Ka danna `Amount based on formula` a kowanne, ka rubuta abin da ke bayan alamar daidai:

```
BS  = base * 0.50
HA  = base * 0.25
TA  = base * 0.15
MA  = base * 0.10
PEN = (BS + HA + TA) * 0.08
EPN = (BS + HA + TA) * 0.10
```

`base` shi ne jimlar albashin mutum na wata. Biyun ƙarshe na cirewa ne: PEN fanshon da ma'aikaci yake bayarwa, EPN wanda kamfani yake bayarwa. Huɗun farko na samu ne. Ka kunna musu `Is Tax Applicable` da `Depends on Payment Days`, ka haɗa kowanne da asusun kashe kuɗinsa a teburin `Accounts`. Wasu suna cire alamar haraji daga alawus ɗin sufuri da na abinci, suna ganin ai ba albashi ba ne. Alawus ɗin da ake ba mutum kuɗi a hannu kowane wata yana cikin abin da ake yi wa haraji. Abin da ya sha bamban shi ne mayar wa ma'aikaci kuɗin da ya kashe a kan aikin kamfani da rasit, kuma wannan ta `Expense Claim` ake bi da shi, ba ta albashi ba.

Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8, kamfani ya ba da aƙalla kashi 10, kuma tushen lissafin ba zai gaza asalin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri a haɗe ba. Ga mutuminmu, ₦150,000 da ₦75,000 da ₦45,000 sun ba da ₦270,000. Nasa kason ₦21,600 ne, na kamfani ₦27,000, wato ₦48,600 za su shiga asusun fanshonsa duk wata.

A kan PEN ka kunna `Exempted from Income Tax`, domin a zare fansho daga kuɗin shiga kafin a yi haraji. A kan EPN kada ka kunna wannan. Abin da zai samu shi ne `Do Not Include in Total`, don ya fito a takarda ba tare da ya rage wa ma'aikaci ko kwabo ba. Bayan ka tabbatar da albashin watan farko ka leƙa `Journal Entry` da manhajar ta fitar ka ga ko ₦27,000 ɗin ta shiga littafi. In ba ta shiga ba, kowane wata sai ka shigar da ita da hannu: kashe kuɗi a gefe guda, bashin fansho a ɗaya gefen.

Hattara: ka tabbata `Depends on Payment Days` a kashe take a kan PEN da EPN. Idan mutum ya yi rabin wata, an riga an raba BS, HA da TA biyu, fanshonsa ya zama ₦10,800. In ka sake kunna alamar a kan fanshon, za a sake raba shi ya koma ₦5,400. Wannan kuskure ba ya nuna kansa a watan da kowa ya cika kwanakinsa, sai ranar da aka ɗauki sabon ma'aikaci.

Sai ɓangaren haraji. Ka buɗe na cirewa mai suna PAYE, kada ka rubuta masa wani lissafi, ka kunna masa `Variable Based On Taxable Salary` kawai.

3. Shigar da matakan haraji

Ka buɗe `Income Tax Slab`, ka sa `Effective from` ya zama 1 ga Janairu, 2026, ka cike layukan da kuɗin shekara, ba na wata ba:

```
0           800,000      0
800,001     3,000,000    15
3,000,001   12,000,000   18
12,000,001  25,000,000   21
25,000,001  50,000,000   23
50,000,001  (babu)       25
```

Gurbin `To Amount` na layin ƙarshe a bar shi fanko. Dokar ta rubuta matakan ne da salon "₦2,200,000 na gaba", "₦9,000,000 na gaba", kuma masu gaggawa sukan kwafi waɗannan alƙaluma kai tsaye su zuba a matsayin iyaka. Manhajar iyakar da aka tara take so, shi ya sa mataki na biyu ya ƙare a 3,000,000.

Dole ka kunna `Allow Tax Exemption` a wannan shafi. In ba ka kunna ba, alamar da ka sa wa fansho a mataki na 2 ba za ta yi aiki ba, kuma kowa zai biya haraji a kan kuɗin da bai shiga aljihunsa ba. Haka nan, duk wanda ya ɗauko tsohon lissafi mai rangwamen ₦200,000 da kashi 20 na albashi, ya jefar da shi. Sabuwar doka ta soke wannan rangwame, ta kawo na haya a madadinsa: kashi 20 na hayar da mutum ya biya a shekara, iyakarsa ₦500,000.

Don rangwamen hayar, ka buɗe `Employee Tax Exemption Category` mai iyakar 500,000 da ƙaramin rukuni a ƙarƙashinsa, sannan kowane mai haya a yi masa `Employee Tax Exemption Declaration`. Abin da ake rubutawa a ciki kashi 20 ɗin ne. Mutuminmu mai hayar ₦400,000, ₦80,000 za a rubuta masa.

Hattara: a watan ƙarshe na shekara manhajar ba ta ƙara yarda da faɗar baki, shaida take dubawa. Wanda ba a yi wa `Employee Tax Exemption Proof Submission` ba, rangwamensa zai zube gaba ɗaya a Disamba. Mutuminmu zai ga ƙarin harajin ₦14,400 a wata guda. Tun watan Oktoba ka fara karɓar rasit ɗin haya.

4. Matakan albashi da tsarin da ke bin su

Ka haɗa ɓangarorin a cikin `Salary Structure`, na samu a sama, na cirewa a ƙasa, PEN kafin PAYE. Shawarata ita ce kada ka yi wa kowane mataki nasa tsarin. Muddin rabon 50, 25, 15, 10 ɗaya ne ga kowa, tsari ɗaya ya isa, bambancin matakai kuma ya zauna a cikin `base`. Kamfanin da ya buɗe tsari goma sha biyu, ranar da doka ta canza sai ya gyara wuri goma sha biyu, kuma da wuya a ce bai manta ɗaya ba. Sabon tsari sai in akwai alawus ɗin da wasu kaɗai suke samu, kamar na direbobi ko na masu kwana a bakin aiki.

Matakan kansu a `Employee Grade` ake buɗe su, kowanne da tsarin da yake bi da kuɗin da yake farawa da shi. Ka duba mataki mafi ƙasa kada ya gaza mafi ƙarancin albashi na ƙasa, ₦70,000 tun 2024.

5. Ɗaura wa kowa albashinsa

`Salary Structure Assignment` shi ne yake haɗa mutum da tsari. A nan ake sa `Base`, wato 300,000 a misalinmu, da `From Date`, da teburin harajin da ka gina. Masu farawa a tsakiyar shekara su cike `Taxable Earnings Till Date` da `Tax Deducted Till Date`. In an bar su fanko, manhajar za ta ɗauka mutum bai samu komai ba a watannin baya, ta cire masa haraji kaɗan, giɓin kuma ya jira kamfani ranar bincike.

Canza wa mutum mataki a shafinsa na `Employee` ba ya ƙara masa albashi. Ƙarin girma yana bukatar sabon `Salary Structure Assignment`, kuma ya fi sauƙi ya fara daga ranar 1 ga wata. Tsohon a bar shi yadda yake, shi ne tarihin albashin mutumin.

6. Gwaji da hannu kafin a biya kowa

Ka ɗauki mutum uku: na mataki mafi ƙasa, na tsakiya, da wanda ya kama aiki a tsakiyar wata. Ka yi lissafinsu a takarda, sannan ka fitar musu da `Salary Slip` ba tare da ka danna `Submit` ba. Ga na mutuminmu. Albashin shekara ₦3,600,000. A cire fanshon shekara ₦259,200 da rangwamen haya ₦80,000, saura ₦3,260,800. ₦800,000 na farko babu haraji. ₦2,200,000 na gaba a kashi 15 sun ba da ₦330,000. Ragowar ₦260,800 a kashi 18 sun ba da ₦46,944. Harajin shekara ₦376,944 ke nan, na wata ₦31,412. Abin da zai shiga asusunsa: ₦300,000 a cire ₦21,600 a cire ₦31,412, saura ₦246,988.

Idan manhajar ta ba ka haraji ₦35,300, fansho ne ba a zare ba. Koma kan `Exempted from Income Tax`. Idan ta ba ka ₦32,612, rangwamen haya ne bai shiga ba. Bambancin 'yan kwabbai ba abin damuwa ba ne, amma na ɗaruruwan naira yana da dalili, kuma sai an nemo shi.

A gaya wa mai kamfani tun yanzu cewa ma'aikacin ₦300,000 ba ₦300,000 yake ci ba. Da fanshon ₦27,000 da kashi 1 na asusun diyyar ma'aikata na NSITF, ya kai ₦330,000, ban da inshorar rai ta ma'aikata da dokar fansho ta wajabta.

7. Fitar da albashin wata

Tsarin aikin kowane wata: a rufe lissafin hutu da fashin aiki, a shigar da ƙari da tara da makamantansu ta `Additional Salary`, sannan a buɗe `Payroll Entry`, a danna `Get Employees`, sai `Create Salary Slips`. A nan ka tsaya. Ka fitar da `Salary Register` na takardun da ba a tabbatar ba, ka jera shi kusa da na watan jiya. Duk wanda albashinsa ya motsa, sai ka iya faɗin abin da ya motsa shi. Ka ƙirga kawuna kuma: wanda ya ajiye aiki amma ba a sa masa `Relieving Date` ba, yana nan cikin jerin yana jiran albashi. Wanda ya haɗa lissafin kada ya zama shi ne mai amincewa da shi.

Bayan haka sai `Submit Salary Slip`, sai `Make Bank Entry`. Fansho ana tura shi cikin kwanakin aiki 7 daga ranar biyan albashi, kuma tarar jinkiri ba ta gaza kashi 2 na kuɗin a kowane wata ba. Haraji kuwa zuwa ranar 10 ga wata mai bi.

8. Gyaran albashin da aka yi kure

Kafin ka danna komai, ka amsa tambaya ɗaya: kuɗi ya fita daga banki ko bai fita ba? Amsar ita ce take zaɓar hanyar gyara.

In takardun ba a tabbatar da su ba, ka gyara tushen matsalar, ka goge su, ka sake fitarwa. Kada ka canza alƙalami da hannu a kan takardar mutum ɗaya, domin kuskuren zai dawo wata mai zuwa.

In an tabbatar amma ba a biya ba, ka fara ajiye kwafin `Salary Register` na lissafin da ya lalace, saboda soke `Payroll Entry` yana tafiya da takardun albashin da ke ƙarƙashinsa. Ana sokewa ne daga ƙarshe zuwa farko: shigarwar banki in an yi ta, sannan `Payroll Entry`. Ka duba asusun albashin da za a biya ya koma yadda yake kafin watan.  Hanya mai tsabta ta gyara `Salary Structure` da aka tabbatar ita ce a kwafe shi, a gyara kwafin, a ɗaura wa mutane sabon. Gyara lissafi a shafin `Salary Component` kaɗai ba ya shiga tsarin da aka riga aka gina, kuma wannan ya sa mutane da yawa sun sake fitar da albashi sun ga kuskuren yana nan daram.

In kuɗi ya riga ya fita, kada ka soke komai. Littafinka dole ya yi daidai da abin da banki ya nuna, kuma takardar da ke hannun ma'aikaci shaida ce. Gyara yana shiga wata mai zuwa ne.

A ce a watan Janairu an rubuta PEN da EPN a kan `BS` kaɗai. An cire wa mutuminmu fansho ₦12,000 maimakon ₦21,600, kamfani ya sa ₦15,000 maimakon ₦27,000. Da yake fanshon da aka zare ya yi kaɗan, harajinsa ya hau zuwa ₦33,140, ya karɓi ₦254,860. Kurakurai huɗu ne suka fito daga layi biyu: asusun fanshonsa yana bin sa ₦9,600, yana bin kamfani ₦12,000, an cire masa harajin da ya wuce da ₦1,728, kuma an biya shi rarar ₦7,872. Ka gwada su da juna: ₦9,600 a cire ₦1,728 ya ba da ₦7,872. In alƙalumanka ba su haɗu haka ba, akwai kuskuren da ba ka gano ba tukuna.

Da farko ka gyara tsarin, sabon ya fara daga 1 ga Fabrairu. Na biyu, kamfani ya tura giɓin fansho ₦21,600 nan take, tare da jadawalin da ke nuna na Janairu ne, kada a jira ƙarshen wata tara tana hauhawa. Na uku, ka buɗe wani ɓangaren cirewa na dabam don bashin fansho, shi ma mai alamar `Exempted from Income Tax`, ka yi `Additional Salary` na ₦9,600 a kansa a watan Fabrairu. Layi na dabam ya fi, domin ma'aikaci ya ga abin da aka cire masa da sunansa. In ka nace sai ka yi amfani da PEN ɗin kansa, ka tabbata ka cire alamar `Overwrite Salary Structure Amount`, in ba haka ba ₦9,600 za ta maye gurbin ₦21,600 na Fabrairu, ka haifi sabon giɓi.

Harajin kuwa kada ka mayar da shi da hannu. Manhajar tana lissafa harajin shekara ne, ta cire wanda aka riga aka biya, ta raba ragowar a kan watannin da suka rage. ₦376,944 a cire ₦33,140 saura ₦343,804, a raba 11, wajen ₦31,255 a wata. Rarar tana komawa gare shi kaɗan kaɗan. Wanda ya mayar masa da ₦1,728 a hannu ya biya shi sau biyu. Inda wannan hanya take gazawa shi ne kuskuren Disamba, ko na wanda zai bar aiki, domin babu watannin da za su shanye bambancin. A nan sai a daidaita kafin a miƙa wa hukumar haraji bayanin shekara, wanda wa'adinsa 31 ga Janairu ne.

Hattara: karɓo rarar albashi yana da iyaka. Sashe na 5 na dokar ƙwadago ya yarda a cire rarar da aka biya ne a cikin watanni uku kafin watan da aka gano ta, kuma jimlar abin da ake cirewa a wata kada ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin. Idan kuɗin yana da yawa, ka kunna `Is Recurring` ka raba shi a kan watanni, ka ba mutumin takarda mai nuna adadi da dalili kafin ranar albashi. Wanda aka biya ƙasa da haƙƙinsa kuwa ba a sa shi jiran wata guda: a tura masa cikon yanzu a matsayin `Employee Advance`, a watan gaba a sa cikon a takardarsa ta `Additional Salary` don haraji da fansho su hau kansa, sannan a cire abin da aka riga aka ba shi.